Yadda Mai Sayar da Kayan Kwalliya Ke Nuna wa Masu Saye Na Asali da Jabu

Jabun kayan kwalliya ba iri ɗaya ba ne, kuma mai sayarwa da ke son wayar da kan masu saye ta hotuna da bidiyon da take sakawa a WhatsApp, Instagram ko TikTok sai ta fara sanin wane iri take magana a kai. Akwai kwaikwayo tsantsa, wanda aka buga kwalinsa, aka ƙera robarsa, aka dama abin da ke ciki a wani wuri da kamfanin bai san da shi ba. Akwai ɗuri, wato a tattara kwalabe ko robobin asali da aka gama amfani da su, a wanke, a cika da wani abu dabam, a mayar kasuwa. Akwai kayan asali da wa'adinsu ya wuce aka goge kwanan watan aka buga sabo. Sannan akwai mai kama, wanda ya ɗauki launi da fasalin wani sanannen kaya amma ya canza harafi ɗaya ko biyu a sunan, don mai gaggawa ya ɗauka shi ne.

Kowane ɗaya da inda ake kama shi. Kwaikwayo a bugu da nauyi yake tonuwa, ɗuri a murfi da wuyan kwalba, mai sabon kwanan wata a wurin da aka kankare, mai kama kuwa karanta suna da kyau ya wadatar. Sanarwar da ta ce kawai “ku yi hattara, jabu ya cika gari” ba ta koya wa kowa komai ba, tsoro kawai ta ƙara. Wadda ke da amfani ita ce wadda ta ɗauki kaya guda, girma guda, ta aje na asali da jabunsa gefe da gefe, ta nuna da yatsa inda suka rabu.

Shiri kafin a ɗauki hoto

Aikin yana farawa ne daga abin da za a gwada da shi. Dole na asalin ya fito daga wurin da babu shakka a kansa, kamar wakilin kamfani da aka sani ko babban kantin da ke karɓar kaya kai tsaye daga kamfanin, kuma a riƙe rasit. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Yakan faru mai sayarwa ta kwatanta jabu biyu daga masu bugu daban-daban, ta kira wanda ya fi kyau na asali, da zuciya ɗaya, mutane ɗari su ɗauki hoton su riƙa auna kayansu da shi. Jabun ma sai an saye shi da kuɗi an aje, domin hoton da aka kwafo daga shafin wata ba a san ƙasar da aka ɗauke shi ba, ba a san shekarar ba.

Sai kuma a tabbata biyun girmansu ɗaya, kuma don kasuwa ɗaya aka yi su. Hoto a ɗauka da hasken rana, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, a kan farin ƙyalle ko farar takarda, da waya guda, ba tare da an taɓa launi ba. Farin ƙwan lantarki yana sa fari ya koma shuɗi-shuɗi, jan ƙwai yana sa shi rawaya, kuma bambancin launin da ake son nunawa sau da yawa bai kai wannan ba. Ya fi kyau biyun su fito a hoto ɗaya, na asali kullum a hannun dama, jabu a hagu, da rubutu a kan hoton kansa. Dalilin sa rubutu a jikin hoto shi ne, hoto yana yawo daga waya zuwa waya ya bar bayanin da aka rubuta a ƙasansa, kafin kwana biyu ba wanda ya san wanne ne wanne.

WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi, ƙananan rubutu su dushe. Saboda haka kowace alama a matso da waya a ɗauke ta ita kaɗai. Sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace, don haka darasin da aka sha wahalar haɗawa ya kamata a aje shi inda zai zauna, a riƙa tura wa mai tambaya.

Misalin man shafawa mai famfo

A ɗauki misalin wata mai sayar da kayan kwalliya a Kano da ke kawo man shafawa na waje mai famfo, roba mai cin mililita 473. Masu saye sun fara ce mata sun ga irinsa a kasuwa a ƙasa da rabin kuɗinta. Ta sayi ɗaya daga can, ta ɗauko uku daga katan ɗin da ta saro wurin wakili, ta zauna ta gwada.

Abin da ta fara dubawa shi ne lambar rukuni. Kamfani yana dama mai ne tukunya-tukunya, kuma kowace damawa da lambarta, domin idan matsala ta taso a san waɗanda za a janye daga kasuwa. Wani lokaci ana rubuta LOT ko Batch a gabanta, wani lokaci haruffa da lambobi ne kawai a gindin roba, ko a bayanta, ko a wurin da aka matse bakin tub. Muhimmin abu shi ne ba tare da sauran rubutun jikin roba ake buga ta ba. Bayan an cika robar ne wata na'ura ke fesa ta da ɗige-ɗigen tawada, ko ta ƙona ta, ko ta danna ta a jiki. Don haka kamanninta dabam ne da sauran rubutun, kuma tana canzawa daga kaya zuwa kaya. A robobinta uku lambar ɗige-ɗige ce a gindi. A ta kasuwa lambar tana cikin takardar da aka manna, an buga ta lumui da tawada ɗaya da jerin sinadarai, alamar an ɗauki hoton wata roba guda ne aka buga dubbai da ita. Idan kayan mai kwali ne, akwai ƙarin gwaji mai sauƙi: lambar da ke kan kwali da ta jikin roba dole su zama ɗaya. Wannan alama ta fi sauran daraja domin mai saye na iya dubawa a tsaye a shago, ba tare da ta buɗe komai ba.

Daga nan ta koma kan bugu. Mai kwaikwayo ba shi da asalin zanen kamfani, daga hoto yake aiki, shi ya sa manyan haruffa kan fito daidai amma ƙanana su yi kauri, gefensu ya yi gashi-gashi, wasu su haɗe da juna. Wurin dubawa shi ne bayan roba, inda jerin sinadarai da adireshin kamfani suke. Ta matso da waya ta ɗauki layi uku na ƙarshe a robobin biyu. A na asali kowane harafi a tsaye yake, ana iya karanta shi ko da ya yi ƙanƙanta kamar ƙwayar gero. A ɗayan an sami kalma guda da harafi ya faɗi, kuma takardar ta ɗan karkace, ta yi kumfar iska a gefe. Kuskuren rubutu hujja ce mai ƙarfi idan an same shi, amma rashinsa ba hujja ba ne, domin jabu mai kyau ba ya kuskuren harafi. Wannan jimla ta biyu dole ta shiga cikin sanarwar, in ba haka ba mai saye za ta karanta roba ta ga babu kuskure ta saki jiki.

Sai sikeli. Ƙaramin ma'aunin kicin mai batir, irin na masu yin kek, ya isa. A ce robobinta uku sun ba da giram 528 da 530 da 531, ta kasuwa kuwa ta ba da 486. Na'urar kamfani ba ta cika kowace roba daidai wa daida, amma tazarar 'yan giram ce. Giɓin giram 40 da ɗoriya yana nufin ko an rage mai, ko robar ta fi sirantaka, ko duka biyun. Amfanin auna uku maimakon ɗaya shi ne a nuna wa masu kallo iyakar bambancin da ba laifi ba ne, kada wata ta auna nata ta ga ya gaza da giram biyu ta ɗaga hankalinta. A bidiyo, a fara nuna sikelin yana kan sifili, a ɗora, a sauke, a ɗora ɗayan, duk a ɗauka guda ba yankewa.

Famfo da murfi su ne na huɗu. Na asali yana zuwa a kulle, sai an murɗa ya ɗago, kuma yana komawa sama da kansa bayan an danna. Na jabun yana girgiɗi a wuya, bakinsa da ragowar roba da ba a share ba, kuma mai ya ɗan tsatso a zaren murfin tun ba a buɗe ba.

A ƙarshe ta matsa kowanne a kan farin faranti ta karkata shi. Na asali ya tsaya a dunƙule yana gangarowa a hankali, ɗayan ya zuba da sauri ya bar sawun ruwa a baya. Man nata kamfanin ya rubuta cewa babu turare a cikinsa, amma na kasuwa yana ƙamshin furanni, wanda aka sa don a rufe warin abin da aka dama da shi. Wannan ita ce alamar da ta fi jan ido a bidiyo, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani ga mai saye, domin ba ta ganinta sai ta biya ta kai gida. Shi ya sa wurinta ƙarshen jeri, duk da cewa masu sayarwa da yawa da ita suke farawa.

Abin da ta saka bai wuce hoto biyar da bidiyo ɗaya ba, kowanne da layi ɗaya ko biyu. A ƙarƙashin na farko ta rubuta: “Hajiya, juya robar ki duba gindinta. Ta dama lambarta ɗige-ɗige ce, ta hagu an buga ta a takarda.” A na ƙarshe ta sa watan da shekarar da ta yi gwajin, da girman robar, da ƙasar da aka yi kayan dominta.

Alamomin da ake dogara da su fiye da ƙima

Babu alamar da ta yaudari mutane kamar bakod, wato zanen layukan nan baƙaƙe masu lamba 13 a ƙasa. An saba ganin mai sayarwa ta haska shi da waya, sunan kaya ya fito, ta ce ga shaida. Ba shaida ba ce. Bakod lambar nau'in kaya ce, kowace roba ta wannan nau'i da wannan girma lamba ɗaya take ɗauke da ita, kuma duk mai injin bugu zai iya kwafarta. Jabu ma idan an haska shi sunan zai fito. Abin da bakod ke iya yi kawai shi ne ya tona jabun da aka yi da ganganci, wanda aka haska man shafawa sai sunan sabulu ya fito.

Haka batun lambobin farko. Gaskiya ne ƙungiyar GS1 mai raba waɗannan lambobi ta ba kowace ƙasa nata: 615 na Najeriya, 50 na Birtaniya, 300 zuwa 379 na Faransa, 690 zuwa 699 na Sin, 629 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Amma lambar tana nuna inda kamfani ya yi rajista ne, ba inda aka dama kayan ba. Kamfanin Faransa na iya yin kayansa a wata ƙasa ya sa lambarsa ta Faransa, kuma babu laifi a ciki. Mai sayarwa da ta koya wa mutane cewa duk abin da bai fara da kaza ba jabu ne, ta koya musu kuskure.

Lambar QR, mai murabba'in nan, tana da nata tarkon. Masu jabu kan buɗe shafi mai kama da na kamfani, su buga lambar da ke kaiwa can, duk wanda ya haska a taya shi murna cewa kayansa na asali ne. Abin dubawa shi ne adireshin da ya buɗe a saman waya, a gwada shi harafi da harafi da adireshin kamfanin da aka sani. Wanda ya fi ƙarfi shi ne lambar kankarewa, irin ta katin waya, wadda hukumar NAFDAC ta fara amfani da ita a kan magunguna a 2010: kowane kwali da lambarsa shi kaɗai, a kankare a tura, amsa ta zo. Wasu kamfanonin kwalliya suna sa irinta, mafi yawa ba sa sawa. Inda take, idan amsa ta ce an riga an yi amfani da lambar, to kwalin ya taɓa wucewa ta hannun wani ko an kwafe shi.

Lambar rajistar NAFDAC ma tana buƙatar bayani na gaskiya. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan kwalliyar da ake yi ko ake shigo da su Najeriya don sayarwa, kuma kayan da aka yi wa rajista suna ɗauke da lambar. Sai dai lamba rubutu ce, ana kwafarta kamar kowane rubutu, har akan ɗauki ta wani kaya a manna wa wani. A ɗaya gefen kuma, man da aka sayo a kanti a Landan ko Dubai aka zo da shi a akwati na iya zama na asali tsaf alhali babu lambar a jikinsa, domin bai bi ta hannun mai rajista ba. Asali da rajista tambayoyi biyu ne, kuma mai saye tana da haƙƙin a gaya mata amsar kowace game da abin da za ta biya.

Idan na asali ya yi kama da jabu

Rigima mai yawa tsakanin mai sayarwa da mai saye daga nan take tasowa. Mace ta sayi mai, ta ga robar ba irin wadda 'yar'uwarta ta kawo mata daga Amurka ba ce, ta dawo da faɗa. Manyan kamfanoni kuwa suna yi wa kowace kasuwa nata tufafin. CeraVe, wanda kamfanin L'Oréal ya saya a 2017, misali ne sananne: wanda ake sayarwa a Amurka da wanda ake sayarwa a Turai sun sha bamban a rubutun gaba, na Turai yakan zo da Turanci da Faransanci tare, kuma wani lokaci sunan kayan kansa ba ɗaya ba ne. Man kariya daga rana na Amurka yana da akwatin bayani a baya mai taken Drug Facts, domin a can dokar magani ce ke kula da shi, na Turai ba shi da wannan.

Kwanan wata ma haka. A dokar Tarayyar Turai, kayan da ke iya wuce wata 30 ba su lalace ba, ba dole ne a rubuta musu ranar ƙarewa ba. Maimakon haka ana zana ɗan kwano mai buɗaɗɗen murfi da rubutu kamar 6M ko 12M, ma'ana wata 6 ko wata 12 daga ranar da aka buɗe. Wadda ba ta san wannan ba za ta juya roba ta rasa EXP ta ce jabu ce. Wadda ta sani kuwa za ta fi tsarguwa idan ta ga kwanan wata a kan wata 'yar takarda da aka manna, ko ta ga wurin ya yi dishi-dishi kamar an goge shi da sinadari.

Kamfanoni kuma suna sauya kwali da tambari lokaci zuwa lokaci, tsoho da sabo su yi watanni suna zaune tare a kasuwa. Ga kuma zafi. Man asali da ya kwana a kwantena a tashar jirgin ruwa, ya hau mota daga Legas zuwa Kano a watan Afrilu, ya zauna a shago mai rufin kwano, zai iya tsinkewa ko mai ya taso masa a sama, jan-baki ya yi gumi, turare ya juya. Wannan lalacewa ce, kuma mai saye ta cancanci a canza mata, amma ba jabu ba ne. Sanarwa mai kyau takan ware hoto guda ta nuna tsohon kwali da sabo, ko na Amurka da na Turai, ta rubuta cewa duka biyun na asali ne.

Kuɗi, da turare

Farashi shi ne alamar da mai jabu ba ya iya ɓoyewa sai ya rage ribarsa, kuma ana iya nuna shi da lissafi a fili. A ce kaya dala 15 ne a ƙasar da ake yin sa, a ce kuma dala tana naira 1,500. Naira 22,500 ke nan tun kafin kuɗin jirgi, da na kwastan, da ribar dila, da ta mai shago. Wanda ke sayar da shi naira 9,000 dole ya faɗi inda sauran suka tafi. Araha ba ta ado. Amma tsada ma ba shaida ba ce, domin masu jabu sun gane cewa arha tana tona su, wasunsu sai su sa kuɗin ya yi kusa da na asali, su rage kaɗan yadda zai yi kama da ragi.

A turare ɗuri ya fi yawa, domin kwalba da kwali na asali ne, gwajin bugu ba zai kama komai ba. Wurin dubawa wuyan kwalba ne. Kamfani da na'ura yake matse kan feshin a jikin gilas, ba ya juyawa, ba ya ɗiga. Wanda aka ɓalle aka mayar yakan bar ƙarfen a lanƙwashe ko da sawun filaya, kuma a jijjiga shi a ji yana motsi. Ledar kwalin asali a ɗame take da ninki mai tsabta, wadda aka sake naɗewa takan yi sako-sako da tabon gam. Daga nan ne shawara ɗaya ke fitowa da ya dace kowace mai sayar da turare ta maimaita: idan kwalba ta ƙare kada a sayar wa masu bin gida-gida suna sayen kwalabe, a ɓalle kan feshin, a yaga kwalin.

Abin da hoto ba ya nunawa

Duk gwajin da aka ambata na waje ne. Ido ba ya ganin ƙwayoyin cuta, ba ya ganin dalma ko zaiba. A 2018 'yan sandan birnin Los Angeles sun kama jabun kayan kwalliya na kimanin dala 700,000, gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta da ƙazantar bayan gida a cikinsu, alhali a ido ba su da maraba da na kanti. Mai sayarwa ba ta da ɗakin gwaji, kuma bai dace ta yi magana kamar tana da shi ba. Gwaje-gwajen gida da ke yawo, irin su goga zobe a kan jan-baki wai a gane dalma, ba su da tushe.

A mayukan hasken fata abin ya fi tsanani, domin a nan asali da lafiya ba abu ɗaya ba ne. Dokar NAFDAC ta 2019 ta hana sa zaiba, wato makuri, da magungunan siteroyid a kayan kwalliya, ta kuma taƙaita haidirokwinon ga kashi 2 cikin 100. Mai na iya fitowa daga ainihin kamfaninsa, kwali da lamba duk daidai, amma yana ɗauke da abin da aka hana. Man haɗi kuwa, wanda ake damawa a gida a zuba a roba marar jerin sinadarai, ba shi da na asalin da za a gwada shi da shi ma.

Abin da mai sayarwa za ta iya koyarwa a nan shi ne alamomin jiki. Mai da ya haska fata cikin mako ɗaya ko biyu abin tsoro ne, domin sinadaran da aka yarda da su a hankali suke aiki. Siteroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, ya kawo nankarwa mai faɗi a hannu da cinya, da ƙuraje, kuma da an daina sai fuska ta yi ja tana zafi. Yawan haidirokwinon na tsawon lokaci yana barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Zaiba tana taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana isa ga ɗan da ke ciki, kuma tana iya shafar sauran mutanen gida ta tawul da zanin gado. Shafa ɗan kaɗan a cikin dantse a jira kwana biyu yana nuna ko fata za ta yi borin ƙaiƙayi, amma ba ya tona ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun. Wadda ta ga irin waɗannan alamu wurin likitan fata za a tura ta, da robar a hannunta, ba a sayar mata da wani mai don gyara ba.

Lafazi da iyaka

Kaya ake nunawa, ba mutum ba. Ambaton sunan shago ko shafin wata a ce jabu take sayarwa zargi ne da kan iya kaiwa kotu, kuma sau da yawa ita ma saro mata aka yi ba ta sani ba. A rufe duk wata takardar farashi ko tambarin shago da ke jikin jabun kafin a ɗauki hoto. Idan an gano inda ake bugawa ko ɗurawa, ofishin NAFDAC na jiha ko wakilin kamfanin ake kai wa, tare da kayan da rasit.

Masu jabu ma suna kallon waɗannan hotuna. Alamar da aka nuna a bana, kamar harafin da ya faɗi ko murfin da ya fi duhu, za a iya gyara ta a bugu na gaba, shi ya sa kowace sanarwa ke buƙatar kwanan wata, kuma idan sabon kaya ya iso a sake gwaji a sauke tsohuwar. Kalmomi irin su “ɗari bisa ɗari” ba su da wuri a ciki. Abin da ya dace a rubuta shi ne: idan an ga alama kaza jabu ne, idan ba a gani ba a ci gaba da duba sauran, kuma alama uku da suka haɗu sun fi ɗaya.

Akwai jabun da ke tsallake dukkan gwajin ido da sikeli, kuma a kansa abin da ya rage shi ne hanyar da kaya suka biyo. Mai sayarwa na iya nuna katan ɗin da kaya suka zo a ciki da lambar rukunin da ke jikinsa, ta nuna rasit ɗin sari bayan ta rufe kuɗin, ta rubuta lambar rukuni a rasit ɗin kowace mai saye. Idan ƙorafi ya zo, lambar ce za ta nuna ko robar daga hannunta ta fita, kuma da ita za ta koma wa dilan da ya ba ta kayan, ta kuma nemo sauran waɗanda suka sayi wannan rukunin ta karɓa ta mayar musu da kuɗinsu.